Mutum Sha Shida, Tabarma Huɗu: Yadda Ake Haɗa Gasar Wot a Tashi Lafiya

Wani matashi daga Uke, garin nan da ke kan titin Abuja zuwa Keffi in ka wuce Mararaba da Masaka, ya aiko mini da tambaya. Ya ce su sha shida ne a majalisarsu, akwai tela, akwai mai shayi, akwai malaman makaranta biyu, akwai masu sammakon aiki Abuja su dawo bayan isha. Suna so su yi gasar karta ran wata Asabar, ta zumunci, ba kuɗi a ciki, amma ya rasa yadda zai zaunar da mutane da yadda zai ƙirga maki har a san gwani. To ƙanena, ga abin da na sani, kuma yawancinsa da kuskure na koye shi.

Karon farko da na haɗa irin wannan, tsarin sallama na bi. Tabarma huɗu, mutum huɗu huɗu, biyu su wuce biyu su fita. Kafin ruwan shayi ya tafasa rabin jama'a sun zama 'yan kallo. Wasu suka saka takalmansu suka tafi, waɗanda suka tsaya kuma suka koma leƙen katin masu wasa suna tari da ƙyafta ido. Wani dattijo da ya rufe shagonsa don wannan zama bai yi minti ashirin a tabarma ba, kuma har yau in mun haɗu sai ya tuna mini. Tun daga ranar na bar tsarin sallama. A gasar abokai, kowa ya yi wasa daga farko har ƙarshe.

Na ɗauka wot za ku buga, don ita ce kartar da ake samu a kowane shago a ƙasar nan. Asalinta daga Ingila ne, wani William Henry Storey ya yi mata rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta, amma mu nan muka riƙe ta har ta zama kamar tamu. Kwalin da muke wasa da shi kati 54 ne: bol 12, angul 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7, sai wot guda 5 masu lamba 20. Ka riƙe wannan 54 ɗin a ka, za a neme ta nan gaba.

Sha shida lamba ce mai albarka, ga kuma dalili. Kowane ɗan wasa yana da abokan karawa 15. A duk zama ɗaya yana haɗuwa da uku. Uku sau biyar sha biyar, saboda haka zagaye biyar ya isa kowa ya zauna da kowa sau ɗaya tak, babu wanda zai maimaita wani, babu wanda zai tsallake wani. Da ku sha biyu ne ko ashirin, hakan ba zai yiwu a tabarmar mutum huɗu ba, domin 11 da 19 ba sa rabuwa uku uku. Masana lissafi sun daɗe suna wasa ƙwaƙwalwa da irin wannan. Tun 1850 wani Bature mai suna Thomas Kirkman ya jefa tambayar 'yan mata 15 da za su riƙa fita uku uku har kwana bakwai ba tare da biyu sun sake haɗuwa a layi ɗaya ba. Taka ta fi tasa sauƙi, amma kada ka ce za ka tsara ta da ka a ranar gasa. Na gwada. Zagaye na ɗaya da na biyu suna zuwa salin alin, a na uku ne za ka ga tela ya sake faɗawa kan mai shayi, ka gyara nan, can ya ɓaci.

Ga jadawalin, ka kwafe shi a babban kwali ka manna a bango. Kowane ɗan wasa yana da lamba daga 1 zuwa 16, tabarmi kuma A, B, C, D.

Zagaye na 1. A: 1, 2, 3, 4. B: 5, 6, 7, 8. C: 9, 10, 11, 12. D: 13, 14, 15, 16.

Zagaye na 2. A: 1, 5, 9, 13. B: 2, 6, 10, 14. C: 3, 7, 11, 15. D: 4, 8, 12, 16.

Zagaye na 3. A: 1, 6, 11, 16. B: 2, 5, 12, 15. C: 3, 8, 9, 14. D: 4, 7, 10, 13.

Zagaye na 4. A: 1, 7, 12, 14. B: 2, 8, 11, 13. C: 3, 5, 10, 16. D: 4, 6, 9, 15.

Zagaye na 5. A: 1, 8, 10, 15. B: 2, 7, 9, 16. C: 3, 6, 12, 13. D: 4, 5, 11, 14.

In kana shakka, ɗauki mai lamba 7 ka bi shi. Ya fara da 5, 6, 8. Sai 3, 11, 15. Sai 4, 10, 13. Sai 1, 12, 14. Ya ƙare da 2, 9, 16. Sha biyar cif. Bayan ka kwafe, ka yi wa lamba biyu ko uku irin wannan bin diddigin, don kuskuren alƙalami ɗaya ya isa ya sa mutum biyu su tsaya cirko-cirko a kan wuri guda. Kuma ka yanka ƙananan takardu sha shida, kowa ka rubuta masa tabarminsa a jere. Na mai lamba 7 zai zama B, C, D, A, B. Da wannan a aljihunsa ba sai an taru a gindin bango ana ture juna ba.

Duba jadawalin da kyau za ka ga wani abu. Mai lamba 1 ba ya tashi daga tabarmar A ko sau ɗaya, su kuma 2, 3 da 4 sau ɗaya suke tashi, daga nan sun zauna ke nan. Tunda kowa zai haɗu da kowa, babu lambar da ta fi wata sauƙin abokan karawa, don haka ba dole ne a yi ƙuri'a a kan duka ba. Ka ba dattijon da gwiwa ke damu lamba 1, ka ce Baba, ga wurinka, mu ne za mu riƙa zuwa gaishe ka. Sannan akwai wata dabara da na fi so. Kowace majalisa tana da mutum biyu da aka san ba sa cutar juna, wa da ƙani, ko maigida da yaron shagonsa. Irin waɗannan ka ba su lambobi a rukuni ɗaya na zagayen farko, misali 9 da 10. Sun haɗu tun da wuri lokacin da ba wanda ya san inda maki ya dosa, kuma ba za su sake haɗuwa ba. Haɗarin shi ne su haɗu a zagaye na biyar, ɗaya ba shi da sauran fata, ɗaya yana neman na ɗaya, sai ka ga ana riƙe pik tu a hannu kamar an manta da shi. Sauran lambobin a zuba a hula kowa ya ɗauka.

Yanzu zama a kan tabarmar kanta. A wot, maƙwabcinka shi ne ƙaddararka. Wanda ke wasa kafin kai shi ke jefa maka pik tu, shi ke tsallake ka da takwas, shi ke kiran zanen da ba ka da shi. In aka bar mutane su zauna yadda suka ga dama, masu wayo za su guje wa zama bayan mai mugun hannu su bar wa baƙo. Saboda haka a zauna yadda lambobi suka zo a jadawali, ana bi ta hannun dama. Kowane zagaye a yi rabo huɗu, wato a raba kati sau huɗu. Rabo na ɗaya da na biyu wasa ya bi dama, na uku da na huɗu ya juya hagu, wanda ya sha duka ya samu damar ramawa. Wanda zai fara jefa kati kuma a bi jerin: na farko a jadawali ya fara rabo na ɗaya, na biyu ya fara na biyu, haka har huɗu. Mai raba kati shi ne wanda ke fuskantar mai farawa. Da haka kowa ya fara sau ɗaya, ya raba sau ɗaya. Kada ka bi al'adar nan ta cewa na kusa da mai rabo ne ke farawa, domin da zarar wasa ya juya hagu za ka ga mutum ɗaya ya fara sau biyu, wani bai fara ba sam.

Kafin a taɓa kati, a zauna a yanke dokoki, a rubuta su. Wot ɗin Kano ba ita ce ta Keffi ba, kai ko a Uke ɗin ma ta bakin tasha tana iya bambanta da ta cikin gari, kuma majalisar da ta haɗa mutanen jihohi daban-daban kowa da irin wadda ya taso da ita. Waɗanda kusan kowa ya yarda da su su ne: 1 holon ce, mai ita ya sake jefawa, 2 na gaba ya ɗauki biyu, 8 a tsallake na gaba, 14 janar maket, kowa ya je kasuwa ban da mai ita, 20 mai ita ya kira zanen da yake so. Inda ake saɓani ne za ka tsaya. Shin 5 tana sa a ɗauki uku, ko kati ce kamar kowace? Shin ana tare pik tu da wani pik tu a tura wa na gaba huɗu? Ana jefa kati biyu masu lamba ɗaya a lokaci guda? Ana iya gamawa da holon ko janar maket ko wot? Wanda ya manta bai ce las kad ba, nawa zai ɗauka?

Ni ga nawa zaɓin, ba wahayi ba ne. Kati biyar biyar. Biyar tana aiki. Ana tarewa, amma 2 da 2 kawai, 5 da 5 kawai. Kati ɗaya ake jefawa a lokaci guda. Ana gamawa da kowane kati, kuma da an ce cekof wasa ya mutu, hukuncin katin ƙarshe ba ya hawa kan kowa. Mantuwar las kad kati biyu ne, muddin an kama mutum kafin na gaba ya jefa. Ku canja abin da kuka ga dama, amma ku canja shi da safe, ba lokacin da wani ke riƙe da katin da dokar za ta amfana ba.

Doka ɗaya ce ba na sassautawa: in kasuwa ta ƙare, ba a sake cakuɗa katin ƙasa. A tsaya a ƙirga abin da ke hannun kowa, abin da wasu ke kira tenda. An raba 20, an buɗe ɗaya, saura 33 a kasuwa, kuma wannan 33 ɗin ita ce agogonku. In aka yarda a riƙa sake cakuɗawa, tabarma ɗaya za ta iya riƙe mutum sha biyu suna jira, tunda ba mai iya tashi sai kowa ya gama.

Sai maki, inda yawancin gasa ke lalacewa. Abin da aka saba shi ne a ƙirga lambobin katin da suka rage a hannun mutum, bari mu kira shi kaya. Tauraro ana ninka shi, wot kuma 20 ce. Mutane da yawa sai su ce a tara kayan kowa daga farko zuwa ƙarshe, mai ƙaramin kaya shi ne gwani. Kada ka yi haka. Rabo ɗaya mara kyau, a jefa maka pik tiri sau biyu a bi da janar maket, zai ɗora maka kayan da ba za ka sauke ba har yamma, ko da ka cinye rabo biyar bayansa. Kaya aikinsa ya nuna wa ya zo na nawa a wannan rabon kaɗai. Daga nan sai a ba da maki: na ɗaya 6, na biyu 4, na uku 2, na huɗu ba komai.

Za ka ce me ya hana 3, 2, 1, 0? Kunnen doki ne ya hana. In mutum biyu suka yi kaya daidai, ana haɗa makin matsayin da suke takara a kai a raba musu, kuma da 6, 4, 2, 0 rabon kullum yana fita ba rabi. Biyu a matsayi na biyu, 3 kowa. Biyu a ƙarshe, 1 kowa. Biyu a sama bayan kasuwa ta ƙare, 5 kowa. Ko uku ne suka yi daidai, zai fita 4 ko 2. Ban da haka, kowane rabo jimillarsa 12 ce, kowace tabarma a zagaye guda 48, zagaye gaba ɗaya 192, gasa duka 960. Wannan shi ne ma'aunin da zai kama maka kuskure. Takardar da aka kawo maka ba ta kai 48 ba, ko ta wuce, mayar da ita tun mutanen ba su manta abin da ya faru ba.

Bari mu zauna a tabarmar D a zagaye na uku, inda 4, 7, 10 da 13 suke, mu ga yadda abin ke tafiya.

Rabo na ɗaya, 4 ya fara, 10 ya raba. Mai lamba 10 ya yi cekof, kayansa sifili. Mai 4 ya rage da bol 3 da kuros 7, kaya 10. Mai 7 kati ɗaya ne a hannunsa, yana murmushi, amma tauraro 5 ne, shi ma kaya 10. Mai 13 ya riƙe wot yana jiran ranar da ba ta zo ba, ga angul 1, kaya 21. Maki: 10 ya samu 6, 4 da 7 sun raba 3 da 3, 13 ya tashi a tutar babu.

Rabo na biyu kasuwa ta ƙare ba wanda ya fita. Mai 7 yana da kafet 2 da bol 4, kaya 6. Mai 4 yana da kuros 13. Mai 13 yana da angul 14. Mai 10 yana da tauraro 8, wato 16. A nan ne ake jin murya ta tashi, don in ba a ninka ba shi ne na biyu, in an ninka shi ne na ƙarshe. Sai a nuna masa bango inda aka rubuta tun safe. Maki: 7 ya samu 6, 4 ya samu 4, 13 ya samu 2, 10 ba komai. Lura, 6 ɗin mai lamba 7 ba cekof ba ce, kada a yi mata alamar cekof.

Rabo na uku wasa ya juya hagu. Mai 13 ya yi cekof, 7 ya rage da kaya 5, 10 da 11, mai 4 kuwa ruwan kati ya sauka a kansa, kaya 34. Maki 6, 4, 2, da sifili. Rabo na huɗu mai 4 ya farfaɗo ya yi cekof, 10 ya rage da 3, 13 da 9, 7 da 12.

In ka tara, 4 yana da 13, 7 yana da 13, 10 yana da 12, 13 yana da 10. Jimilla 48, takarda ta yi kyau. Yanzu dubi kayansu: 4 ya tara 57, 7 ya tara 33, 10 ya tara 30, 13 ya tara 44. Da kaya ake bi, mai lamba 4 shi ne kurar baya da tazara mai yawa saboda rabo ɗaya tak, alhali a sauran ukun bai sauka ƙasa da matsayi na biyu ba. Duk da haka a rubuta kayan a gefe, zai yi amfani. Takardar kowace tabarma layi huɗu ce, kowane rabo da gurbi biyu, na kaya da na maki, a zagaye makin cekof da biro. Ɗaya ya rubuta, wanda ya fi kowa ƙarancin maki a zagayen ya duba ya sa hannu, don shi ne ba zai bari a wuce da kuskure ba.

Bayan rabo ashirin, mafi yawan da mutum zai iya samu 120 ne, matsakaici 60. Mutum sha shida a cikin wannan ɗan fili, da wuya a rasa biyu da suka yi daidai, kuma ba mamaki a sama ne. Don haka hanyar raba gardama ita ma a rubuta ta tun safe, a jere. Mataki na farko, a duba zagayen da su biyun suka zauna tare. Wannan ita ce babbar ribar jadawalin nan, domin kowane mutum biyu suna da zama ɗaya da suka yi a kan kati ɗaya da abokan zama ɗaya. A ce 7 da 10 sun ƙare da 74 kowannensu. Sai a ciro takardar D ta zagaye na uku: 13 da 12, mai 7 ya wuce. In kuwa 4 da 7 ne suka yi 74, takardar ba ta raba su ba, 13 da 13 ne, sai a sauka mataki na biyu, yawan cekof a gasar duka. In nan ma daidai ne, mataki na uku, wanda jimillar kayansa ta fi ƙanƙanta. In har an kai nan ba a rabu ba, su buga rabo ɗaya su biyu, jama'a su sha kallo.

In mutum uku ne suka yi daidai, tsallake matakin farko. Sau da yawa ba a tabarma ɗaya suka haɗu ba, kuma kana iya samun wannan ya fi wancan, wancan ya fi na uku, na ukun kuma ya fi na farko, a yi ta zagaye kamar jakin niƙa. A tafi kai tsaye ga cekof, sannan kaya.

Za a ce maka a yi wasan ƙarshe, huɗun sama su zauna a fitar da zakara. Ni ba na so. Wot wasa ce da sa'a ke da babban kaso a cikinta, rabo ashirin ma bai gama tace ta ba, balle huɗu. Mutum ya yini yana gaba da maki goma, sannan a ce duk a share a sake sabon lale, ai an zalunce shi. Amma na san daɗin a taru a kan tabarma guda ana ihu. In jama'arka sun nace, su shiga da makinsu a ƙara a kai, kuma a faɗi haka tun kafin a raba katin farko.

Lokaci kuma, ka ware minti 30 ga kowane zagaye da minti 5 na tashi da kai takarda. Biyar ɗin za su ci kusan awa uku. Asabar ta fi, tunda Juma'a akwai masallaci, Lahadi da safe kuma abokanku Kirista suna coci. Ku fara bayan azahar, wajen ƙarfe biyu da kwata, ku yi zagaye biyu, a tashi a yi la'asar a sha shayi, a dawo a yi uku a gama kafin magariba. Kiran salla ba ya jiran las kad, saboda haka kada a fara zagayen da aka san ba zai ƙare ba. In minti 30 ta cika wata tabarma tana tsakiyar rabo, alƙali ya ce a tsaya, a ƙirga kaya kamar kasuwa ta ƙare. Ni nakan karanta sakamako bayan zagaye na uku, daga nan in yi shiru sai ƙarshe, don kada wanda ya san ya faɗi ya fara zaɓen wanda zai taimaka.

Sayi kwali biyar sababbi, huɗu na wasa ɗaya na ajiya, in da hali bayansu ya bambanta. Tsohon kati kowa ya san wot ɗin da kunnenta ya lanƙwashe. Kati yana zama a tabarmarsa, mutane ne ke tashi, kuma a farkon kowane zagaye mai rabo ya ƙirga 54 a gaban kowa. Katin da ya ɓace galibi yana ƙarƙashin tabarma ko cikin naɗin babbar riga, ba da niyya ba, amma in sai a rabo na uku aka gano 53 ake wasa da su, ba mai yarda cewa ba da niyya ba ne.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Karta ta yi baƙin suna a wurinmu saboda caca, kuma da zarar 'yan wasa sun tara kuɗi wanda ya ci ya kwashe, sunan abin ya canja komai kyan niyya. Kada a karɓi ko sisi na shiga, kada a bar 'yan kallo su ɗaura a gefe. In ana son kyauta, wani wanda ba ya cikin wasan ya kawo, katin waya ko yadin shadda ko fakitin ganyen shayi.

Saura abin da lalle zai faru: wani ba zai zo ba. Zai bugo waya ya ce yana Mararaba, go-sulo ya riƙe shi, ga shi nan tafe. Kada ku jira. In kun tabbata ba zai iso ba, ku bar lambarsa fanko har ƙarshen gasa. Kowane zagaye tabarma ɗaya za ta zama ta mutum uku, su raba 6, 4, 2, fankon ya ɗauki sifili, rabon da ya kamata ya fara kuma a ja kati, mai ƙaramar lamba ya fara. Babu wanda aka cuta, domin jadawalin zai kai kowane ɗaya daga cikin sha biyar ɗin wurin fankon sau ɗaya daidai, jimilla kuma tana nan 48. Abin da ke ɓata lissafi shi ne mutum ya shigo a tsakiya ko ya tafi a tsakiya, wasu sun ci bulus a wurin da ba kowa, wasu sun kara da mutum. In kuna sa ran zai iso, ko wani ya tashi bayan zagaye na biyu saboda an kira shi gida, ɗan kallo ya riƙe lambar, a rubuta makinsa don lissafi ya cika, amma lambar ta fita daga neman kyauta. In biyu ne suka rasa, nemo ko mutum ɗaya ne ya cike, don fanko biyu za su haɗu a tabarma guda a wani zagaye su bar mutum biyu suna kallon juna.

In kuma kun wayi gari ku sha bakwai ne, ka gode wa Allah, ka ba na sha bakwai ɗin lambarka. Kai ka riƙe biro da agogo da babbar takarda, ka zauna inda kake ganin tabarmi huɗun duka. Wanda ya tsara jadawali, yake tara maki, yake yanke hukunci, bai kamata a ji sunansa a cikin waɗanda suka yi kunnen doki a 74 ba.